Yadda na gyara lissafin inji ɗaya da kaya biyu

Injin matsar mai ɗaya gare mu a Maraɗi, awa 8 yake yi a rana. Wata uku ina ba man riɗi fifiko saboda jarkarsa ta fi kawo riba, amma kuɗin ƙarshen wata sai raguwa yake. Na zargi tsadar gyaɗa, na zargi ɗaukewar wuta, duk ba nan matsalar take ba.

Sai na zauna da littafi. Daga kuɗin sayar da kowace jarka na cire abin da ita kanta ta ci, wato ƙwaya, jarka da wuta. Haya da albashi ban taɓa su ba, tunda ko me aka matsa sai an biya su. Riɗi ya bar sefa 6,000, gyaɗa ta bar 4,000. Nan na saba tsayawa, kuma kuskuren ke nan.

Wannan karon na riƙe agogo a gaban injin. Jarkar riɗi awa 2 take ci, ta gyaɗa awa 1. Da na raba, riɗi 3,000 yake kawowa a awa, gyaɗa 4,000.

Masu saye ba sa ɗaukar fiye da jarka 6 ta gyaɗa a rana, don haka na ba ta awa 6, sauran 2 na bar wa riɗi. Da riɗi zalla 24,000 nake samu, yanzu 30,000. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.