Darasi: Atishawa da Hawaye ga Ƴar Kyanwa

A lokacin hunturu, ƙurar Damagaram kan sa ƴar kyanwa ta yi atishawa sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ta koma wasanta. Wannan ba cuta ba ce. Amma idan atishawar ta wuni ta kwana, idanu suna zubar da ruwa, hanci yana yoyo, to mura ce ta kyanwa. Mafi yawanci ƙwayoyin bairos iri biyu ne ke haddasa ta, hafis da kalisi, waɗanda ba sa kama mutum, amma suna saurin yaɗuwa tsakanin kyanwoyi ta majina da kwanon abinci. Murar takan ɗauki kwana 7 zuwa 10. Babban haɗarinta shi ne yunwa da ƙishirwa, domin kyanwa da ƙamshi take gane abinci, idan hancinta ya toshe sai ta juya wa kwano baya.

Mu ɗauki misalin wata uwargida a unguwar Birni, mai ƴar kyanwa ƴar sati shida. Ta wayi gari ta tarar da ita idanu sun yi jiƙe-jiƙe, tana atishawa, amma tana tafiya kuma tana lasar abinci. Irin wannan ana iya fara jinyarta a gida.

Da farko ta tafasa ruwa kwata lita, ta zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri, ta bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ta tsoma auduga ta share ido daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa, sau uku ko huɗu a rana. Ɓawon majinar da ya bushe a hanci ba a ɓamɓare shi da farce, ana ɗora jiƙaƙƙiyar auduga ne har ya yi laushi ya fita da kansa. Bayan haka ta sa ƴar kyanwar cikin kwando mai murfi, ta ajiye roba ta ruwan zafi a waje kusa da kwandon inda ba za ta iya taɓawa ba, ta lulluɓe su duka da zane na minti 10 zuwa 15, safe da yamma. Tururin zalla ne ke sassauta majina. Kada a zuba man zafi a ruwan, kada kuma a yi mata turaren wuta, don hayaƙi ƙara toshe ta yake yi.

Da zarar hanci ya buɗe, lokacin ba da abinci ya yi. Uwargidan ta murtsuke kifin gwangwani da ɗan ruwa, ta ɗumama shi kaɗan don ƙamshinsa ya tashi, tana miƙa mata a kan yatsa kaɗan-kaɗan bayan kowace awa uku ko huɗu. Ba a yi mata ɗura da ƙarfi, saboda abinci na iya faɗawa huhu, kuma madarar shanu takan sa ta gudawa. Da dare ta kwantar da ita a kwali mai tsumma, nesa da iskar ƙofa da sauran kyanwoyin gida.

Akwai kuskure ɗaya da ba ya gyaruwa: farasitamol guba ne ga kyanwa, ɓarin ƙwaya ɗaya ma yana iya kashe ta. Haka nan ragowar maganin idon mutane, idan akwai kotizon, wato sinadarin rage kumburi, a ciki, yana iya tsananta gyambon da ke kan ƙwayar ido har ido ya fashe.

A kwana na uku uwargidan ta ga ruwan idon ya koma kwantsa mai kauri, rawaya, ido ɗaya ya manne, ƴar kyanwar kuma tun asuba ba ta ci komai ba. A nan jinyar gida ta ƙare, sai a nufi likitan dabbobi a ranar. Ƙaramar da ba ta kai sati takwas ba kada ta wuce awa 12 ba ci, babba kuwa kada ta wuce kwana ɗaya. Haka ma idan tana dalalar da miyau, wanda sau da yawa alamar gyambon harshe ce, ko dasashinta ya bushe ya yi fari. Wadda ke numfashi da baki a buɗe kuwa, ko jikinta ya yi sanyi ta kasa tsayawa, ba a jira gari ya waye.

Likita zai duba zafin jikinta, wanda ga mai lafiya yake tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗiga wani ruwa mai launi a ido don ya gano gyambo, ya yi mata ƙarin ruwa idan ta bushe. Maganin kashe bakteriya da zai rubuta ba ya kashe bairos, maganin cutar da ta hau kan murar ne, kuma dole a cika kwanakinsa ko da ta ji sauƙi. Idan ta warke, a tambaye shi allurar rigakafi, wadda ake farawa a sati 8 ko 9, a maimaita bayan sati uku zuwa huɗu.