Kurakuran Dafa Wake a Jos da Gembu: Iza Wuta Ba Ta Sa Shi Saurin Nuna

Amaryar da aka kai Jos daga Kano takan ɗora wa ɗan kasuwa laifi idan wake ya ƙi nuna a lokacin da ta saba. Sau da yawa waken lafiyarsa ƙalau, tudun garin ne sila. Duk yadda aka ƙara hawa sama, nauyin iskar da ke danne saman ruwa yana raguwa, sai ruwan ya tafasa kafin ya yi zafi sosai. A bakin teku yana tafasa a digiri 100, kuma kowace mita 300 da aka hau tana rage kusan digiri ɗaya. Jos na kan tudun da ya haura mita 1,200, don haka ruwanta yana tafasa a wajen digiri 96. A Gembu, can kan tsaunin Mambila, wajen 95 ne.

Kuskure mafi yawa shi ne iza wuta. Da zarar ruwa ya tafasa, zafinsa ya tsaya ke nan, ko da buhun gawayi za a juye a ƙarƙashin tukunyar. Ƙarin wutar tururi kawai yake zama. Alamar ita ce ruwa ya tsotse, gindin tukunya ya fara kamu, amma idan aka matse ƙwayar wake da yatsu sai a ji tsakiyarta da tauri. Abin yi shi ne a rage wuta bayan tafasa, a rufe da murfin da ya zauna daidai, a ba shi lokaci. Waken da kan nuna cikin awa ɗaya a Kano, a Gembu a ƙara masa kamar minti 15 zuwa 20. A sa ruwa fiye da yadda aka saba tun farko, in kuma ya buƙaci ƙari a zuba tafasasshe, don ruwan sanyi yana mayar da girki baya.

Wasu kuma sai su antaya kanwa. Tana laushin wake kam, amma in ta yi yawa sai ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya canza. Jiƙa shi tun dare ya fi. Gishiri kuwa, ɗan abin da ake sa wa abinci bai isa ya ɗaga zafin tafasa ba.

Ga mai yawan dafa wake, ganda ko ƙafar saniya, a ganina tukunyar firesha ta cancanci kuɗinta. Tana kulle tururi, matsi ya ƙaru a ciki, ruwa ya wuce digiri 115 ko a Jos. Sai dai kada wake da ruwansa su wuce rabin tukunyar, don kumfarsa na iya toshe kafar da tururi ke fita.