Yadda ake sanin bulo nawa buhun siminti zai bayar, da yashin da kwaɓi ɗaya ke ci

A Mai Wurno da Sinnar da Gadarif na ƙasar Sudan jama'armu sun fara barin jan tubali suna buga bulon siminti a filin gininsu. Tambayar da mai gini ke fara yi wa mai bugu ita ce, "Malam, guda nawa za ka fitar min a buhu?" Ni dai ina ganin da awon yashi ya kamata a fara, domin shi ne ke yanke yawan bulon da kuma ƙarfinsa.

Buhun siminti mai kilo 50, na Atbara ne ko na wani wuri, yana cika mazubin lita 35. Bangon da zai ɗauki nauyin rufi yana son kashi ɗaya na siminti da shida na yashi, wato lita 210. In kana da bokitin lita 20, bokiti goma da rabi ke nan, a shafe bakinsa daidai ba tare da tozo ba. Katangar gida da bangon raba ɗaki za su ɗauki kashi takwas, bokiti 14. Kada ka yarda da awon baro sai ka fara gwada bokiti nawa ke cika shi, saboda kowane baro da girmansa.

Daga nan sai ka auna ƙarfen da za a yi bugun da shi. Bulo mai tsawon santimita 40, faɗi 20, tsayi 20, da a cike yake zai ci lita 16. A ce ramukansa biyu ne, kowanne santimita 14 da 13, daga sama har ƙasa. Su biyun sun ɗauke lita 7 da 'yan kai, saura kusan lita 9 da kwaɓi zai cika. Shi kuwa kwaɓin ɗaya da shida, in an daddanne shi, kusan lita 200 yake komawa, don simintin cikin 'yan kafofin yashi yake shigewa. Raba 200 gida 9, ka sami bulo 22 ko 23. Kwaɓin ɗaya da takwas zai ba da wajen 29. Bulo mai faɗin 15 kuma ya kan kai 28 a kwaɓi mai ƙarfi.

Wannan lissafi shi ne idonka ranar da ba ka wurin. In aka ce maka buhu ya fitar da 40 masu faɗin 20, to ko an zabga yashi, ko ba a danna kwaɓin da kyau ba. Irin wannan bulo in ka karce shi da ƙusa sai ya riƙa zuba, in ka sake shi daga daidai ƙugu ya tarwatse, ruwan damina kuma ya cinye gindin bangon.

Ɗauki ɗaki mai mita huɗu kowane gefe, tsayin mita uku. Bangonsa murabba'in mita 48 ne, a cire huɗu na ƙofa da tagogi, saura 44. Kowane murabba'in mita yana cin bulo 12 da rabi, jimilla 550. A kan 22 a buhu, buhu 25 za ka saya, da yashi kubik biyar da kwata. Ka sa a kawo shida, don akwai wanda zai bi ƙasa da wanda rariya za ta fitar. Simintin ɗora bulo ba ya cikin wannan lissafi.

Yashin kansa yana son kulawa, musamman a ƙasarmu mai baƙar laka. Ka nemi mai tsakuwa-tsakuwa na cikin kwari. Ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka bar shi ya kwana. In lakar da ta kwanta a sama ta kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, a wanke shi ko a sake wani, domin laka na hana siminti kamawa. Yashi mai danshi kuma kumbura yake yi, har ya kan ƙaru da kwata, sai bokiti ya cika alhali yashin bai kai ba. In yashin ya kumbura haka, ƙara bokiti biyu na yashi a kan kowane buhu.

A juya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, wajen bokiti ɗaya. In ka dunƙula kwaɓin a hannu ya tsaya dunƙule ruwa bai ɗiga ba, ya yi. Buhu ɗaya ake kwaɓawa a gama da shi kafin a buɗe wani, don da zafin Sudan kwaɓin da ya wuce rabin awa ya fara daskarewa. A jera bulon a inuwa ko a rufe shi da buhunan da aka jiƙa, washegari a fara ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, saboda haka ko ana sauri kada a ɗora shi a bango kafin mako biyu.