Yadda Na Kai Matsala Gun Babban Manaja Ba Tare Da Na Shafa Wa Kowa Baƙin Fenti Ba

A ma'ajiyar shinkafar da nake aiki a Kumasi, kusa da kasuwar Kejetia, sau uku cikin wata guda lissafin buhuna ya fita da giɓi. Mai rubuta shigar kaya dattijo ne, a unguwar Aboabo muke tare, sallah ma sahu ɗaya. Ka ce "kaya sun ɓace" a wurin nan, an gama kiransa ɓarawo.

Shi na fara samu. Na ce, "Baba, zan kai maganar sama, ga abin da na rubuta, ku duba." Ya gyara mini kwanan wata ɗaya.

A takardar ban sa sunan kowa ba, ban kuma ce "ɓata" ba. Na rubuta ranakun, da adadin takardar direba, da na littafinmu: buhu 200 a can, 194 a nan. Na nuna cewa duk ukun motar bayan la'asar ta iso, lokacin da mutum ɗaya ke ƙirga yana rubutu. Na roƙi abu guda: a ƙara mai ƙirga na biyu.

Manaja ya tambaya, "Laifin wa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsarin sauke kayan ne."

Mako biyu ke nan lissafi na daidaita.