Gyara kan karosel ɗin mai atamfa

Hajiya na duba karosel ɗinki na Instagram, wato jerin hotunan nan da ake ja da yatsa, na shagon atamfar nan na Wunti a Bauchi, kayan sun yi kyau wallahi amma shafin farko ne matsalar. Kin sa tambarin shago kawai, alhali mai wucewa farashi yake nema, ki rubuta "Atamfa yadi 6, ga kuɗinta" da manyan baƙaƙe.

Sannan ki bar gefen atamfar ya tsallaka shafi na biyu, da ya ga an yanke hoton zai ja da yatsa ya ga sauran. Ki zana shafukan biyu a haɗe, faɗi fiksel 2160 tsawo fiksel 1350, sai ki raba biyu daidai.

Tazarar gefe kuma, shafi na uku rubutu ya manne da baki, na huɗu ya shige ciki, shi ya sa yake tsalle in ana ja. Ki bar fiksel 80 kowane gefe a dukkansu.