Layi ɗaya tilo a saman shafi: gyara a Word

Masu haɗa mujalla ko takardar walima da ginshiƙi biyu, ga abin da ke ɓata aiki: layin ƙarshe na sakin layi ya tsallaka saman ginshiƙi na gaba shi kaɗai, ko layin farko ya maƙale a ƙasa. Turawa na ce musu gwauruwa da maraya.

Kada ku yi ta danna Enter don tura shi. Da an ƙara kalma ɗaya a sama, komai ya sake rikicewa. Ku zaɓi rubutun duka, ku buɗe Paragraph, sannan Line and Page Breaks, ku kunna Widow/Orphan control. Word zai riƙa barin aƙalla layi biyu tare. Kanun labari kuma a sa masa Keep with next, don kada ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa.

Wagegen fili tsakanin kalmomi ya fi ba ni haushi. Idan an daidaita gefe biyu a siririn ginshiƙi, doguwar kalma irin "ƙananan" ko "gwamnatocin" takan faɗa layi na gaba, sai na sama ya miƙe. Ku raba ta da kanku da Ctrl+Hyphen, a kan gaɓa: gwam-natocin. Kada dai a raba "sh" ko "ts" gida biyu.