Darasi: Ƙarin sauti a zuciyar yaro, wane ne na lafiya, wane ne na cuta

Idan aka ɗora abin sauraren ƙirji a kan zuciya mai lafiya, sauti biyu ake ji: "lab", sai "dab". Kowanne ƙarar rufewar ƙofofin zuciya ne. Wani lokaci kuma sai a ji wani "shuuu" ya shigo tsakani. Jini ne ke wucewa da hargitsi. Yara da yawa masu cikakkiyar lafiya suna da shi, musamman daga shekara 3 zuwa 7. Zazzaɓi da ƙarancin jini suna ƙara fito da shi, domin suna sa jini gudu. A wurarenmu da maleriya da sikila suka yi yawa, ma'aikacin lafiya zai riƙa cin karo da shi.

Tambaya ta farko ita ce: yaushe sautin yake zuwa? Ka sa yatsa biyu a gefen wuyan yaron, inda jijiya ke harbawa, kana saurare. Harbin jijiyar yana zuwa ne lokacin da zuciya ta matse, wato tsakanin "lab" da "dab". Sautin da ba na cuta ba yawanci a nan yake zama, kuma gajere ne, yana ƙarewa kafin "dab". Wanda ya zo bayan "dab", lokacin da zuciya ta saki tana cika da jini, na cuta ne komai ƙanƙantarsa. Haka ma wanda ya cika tsakanin "lab" da "dab" gaba ɗaya da ƙarfi iri ɗaya, har ya so ya haɗiye su. Wannan yakan nuna ƙofa mai yoyo, ko rami a bangon da ya raba ɗakunan zuciya na ƙasa.

Sai ƙarfinsa. Likitoci na amfani da ma'aunin Levine mai mataki 6. Mataki na 1 sai an natsu sosai ake ji. Na 2 a hankali yake amma ana jin sa nan take. Na 3 yana da ƙarfi. Daga na 4, idan ka ɗora tafin hannu a ƙirji za ka ji yana karkarwa kamar jikin kyanwa mai gurnani. Sauti marar cuta yawanci 1 ne ko 2, kuma ba ya taɓa zuwa da wannan karkarwa. Amma kada ƙara ta ruɗe ka wajen auna girman cuta: ƙaramin rami na iya yin ihu, zuciyar da ta gaji kuwa sautinta na iya yin ƙasa.

Ga misali. An kawo yaro ɗan shekara 5 da zazzaɓi. Yana kwance ka ji sauti mai kaɗawa, mataki na 2, a gefen hagu na ƙashin ƙirji daga ƙasa, tare da harbin jijiya. Ka matsa zuwa hammata da baya, babu shi. Ka zaunar da shi, sautin ya ragu. Uwarsa ta ce yana guje-guje da sa'o'insa ba ya haki, nauyinsa kuma daidai. Wannan ya yi kama da wani sauti marar cuta da ake kira sautin Still, sunan likitan yara na Ingila da ya bayyana shi a 1909. A yi maganin zazzaɓin, a duba yawan jini, a sake saurare bayan ya warke. Wannan komawar ita aka fi mantawa, kuma bai kamata ba.

Yarinya 'yar shekara 12 kuwa, sautinta ya fi ƙarfi a ƙasan nonon hagu, ya cika tsakanin "lab" da "dab", ya bi har hammata, kuma zama ko kwanciya bai rage shi ba. Da aka tambaya, a baya ta yi ciwon maƙogwaro, bayan 'yan makonni gaɓoɓi suka riƙa ciwo ɗaya bayan ɗaya. Yanzu tana haki idan ta ɗebo ruwa. Wannan alamar lalacewar ƙofar zuciya ce daga zazzaɓin gaɓoɓi, cutar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro. A tura ta babban asibiti don hoton zuciya da ake kira eko, kada a tsaya jira.

Ko da sautin a hankali yake, a tura yaro idan leɓe ko harshe ya yi shuɗi, ƙafafu sun kumbura, ya taɓa suma yana wasa, harbin jijiya a matsematsi ya yi rauni, ko sautin ya ƙaru da ya miƙe tsaye. Jariri da bai kai shekara 1 ba, likita ya kamata ya gan shi, balle idan yana gumi da haki wajen shan nono.

Aikin gwaji: ka saurari ƙirjin mutum biyar masu lafiya, yatsunka a wuyansu, har kunnenka ya rabe "lab" da "dab" ba tare da kokwanto ba.